Takardar kuɗin makaranta: kafin ki ɗauki biro, koma ofis

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta a jihar Katsina. Da yake ni ke koyar da Hausa, ni ake ba takardar sanarwa in mayar da ita Hausa saboda iyayen da ba sa karanta Turanci. A zangon da ya wuce na rubuta cewa za a kori duk yaron da bai biya kuɗi ba, sai ga wani uba har ofis yana faɗa, ya kwashe 'ya'yansa uku, hedimasta kuma ya ɗora mini laifin a gaban malamai. Yanzu an sake miƙo mini ta zango na biyu, ga hotonta nan na haɗo maka. Wallahi gabana faɗuwa yake yi. In ce ba zan yi ba ne, ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malama. Ki yi aikin. Amma wannan takardar da na gani, yadda take ɗin nan, ba ta fassaruwa, ko da kuwa wa za a ba. Ba Hausarki ce ta gaza ba, Turancin ne bai gama faɗin abin da yake son faɗa ba.

Fara duba layin farko. An buga cewa za a koma makaranta ranar Litinin, 6/1/2026. Ɗauko kalanda ki gani. Ranar 6 ga Janairun 2026 Talata ce, Litinin kuwa 5 ga wata ce. A Janairun 2025 ne 6 ga wata ta faɗo Litinin. Na tabbata abin da ya faru shi ne mai buga takardun ya buɗe ta bara a kwamfuta, ya canza shekara, ya ƙara kuɗi, ya bar kwanan watan yadda yake. Na yi shekaru ina shugabantar makaranta, wannan kuskuren na ga irinsa ba sau ɗaya ba, sau guda ma da sa hannuna ya fita. To da kin fassara layin nan tsakani da Allah, kalma da kalma, wasu iyayen su bi sunan ranar su turo yara Litinin, wasu su bi lambar su turo su Talata. Idan kuma kika gyara da kanki kika zaɓi Litinin, alhali Talata suke nufi, yara suka tarar da ƙofa a rufe, wa za a nuna da yatsa? Ke. Saboda haka ba naki ba ne zaɓin. Naki shi ne ki ɗauki takardar ki je ki tambaya.

Ba nan kaɗai ba ne. Takardar ta ce kuɗin karatu na aji ɗaya zuwa uku naira 28,000 ne, na aji huɗu zuwa shida 32,500, kuɗin jarrabawa 1,500, na ƙungiyar iyaye da malamai 2,000. Daga ƙasa sai ta ce dole a biya kashi 50 cikin 100 a cikin mako biyu da dawowa. Rabin me? Ɗauki yaro ɗan aji huɗu. Idan rabin kuɗin karatu kaɗai ake nufi, ubansa zai kawo 16,250. Idan kuwa rabin duka ne, jimlarsa 36,000 ce, rabinta 18,000. Uban da ya lissafa ta hanya ta farko zai zo da kuɗinsa cif-cif, hankalinsa kwance, akawu ya ce masa saura 1,750, a ce yaronsa ba zai shiga aji ba. Wannan mutumin ba zai yarda kuskuren fahimta ba ne, zai ce makaranta ta yi masa wayo.

Kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ya ma fi wannan haɗari, don takardar ba ta ce ko na kowane yaro ne ko na kowane gida ba. Akwai makarantun da ke karɓa bisa kan yaro, akwai masu karɓa bisa kan uba. Mu ɗauki gida mai yara uku, ɗaya a aji biyu, biyu a aji biyar. Kuɗin karatunsu 93,000, na jarrabawa 4,500, ya zama 97,500. In bisa gida ne, a ƙara 2,000, a tashi a 99,500. In bisa yaro ne, a ƙara 6,000, a tashi a 103,500. Tsakaninsu naira 4,000. A idon mai makaranta wataƙila ba komai ba ce. A gidan da aka sayar da buhun masara aka haɗa kuɗin, ita ce ke sa a kwana ana gardama.

Turanci irin na ofis yana da wannan halin, ya jera kalmomi masu nauyi ya wuce, kowa ya ɗauka ya gane. Hausa kuwa ba ta ba ki wurin ɓuya. Da kin zo rubutawa dole ki ce "kowane yaro" ko "kowane gida", dole ki ce "rabin kuɗin karatu" ko "rabin duka". A nan ne mai fassara ke cika gurbi da zato ba tare da ya lura ba, daga baya zaton nan ya zama maganar makaranta.

Saboda haka ki rubuta tambayoyinki a 'yar takarda, ki sami hedimasta lokacin da yake shi kaɗai, ba a ɗakin malamai ba. Kada ki shiga da "akwai kuskure a takardarku". Ki ce, "Ranka ya daɗe, akwai wurare kaɗan da nake so ka fayyace mini don kada in faɗi abin da ba ka ce ba." Babu shugaban da zai ƙi wannan. In ya ce ki tambayi akawu, ki tambaye shi, amma amsar ta dawo ta hannun hedimasta. Idan kin gama fassarar, shi zai sa hannu da hatimi a kan ta Hausar, kamar yadda ya sa a ta Turancin. Takardar da ba ta da hatimi, ranar da rigima ta tashi sunanta "abin da Malama ta rubuta". Mai hatimi kuwa maganar makaranta ce. Ki kuma roƙi a gyara ta Turancin ta dace da amsoshin da ya ba ki, don akwai gidajen da za su karɓi duka biyun, wani ɗan sakandare ya zauna ya gwama su.

Yanzu ga kalmar da ta ja miki. A kunnen Bahaushe, in aka ce an kori yaro daga makaranta, to an sallame shi ke nan, ba zai dawo ba, kuma yawanci sai yaron da ya yi sata ko ya zagi malami ake yi wa haka. Uba ya karanta cewa za a kori ɗansa saboda talaucinsa, a takardar da ɗan nasa ne ma ya kawo ta, wataƙila shi ya karanta masa ita a gaban iyali. Abin da ya ji cin mutunci ne. Ita kuwa makaranta abin da take nufi bai wuce a ce wa yaro ya koma gida sai an biya ba. A wannan kam akwai naki kason, ba zan ɓoye miki ba, ko da yake wanda ya bari takardar ta fita bai karanta ba shi ma yana da nasa. Abin da za ki rubuta bana shi ne, "Yaron da ba a biya masa rabin ba zai dakata a gida har sai an biya." Lura da "ba a biya masa ba". In kika ce "yaron da bai biya ba", kin ɗora bashin a wuyan yaro, alhali ba shi ke da aljihun ba.

Sai dai kada tsoron abin da ya faru ya tura ki ɗaya gefen. Na san malamin da bayan irin wannan rigima ya koma lallashi, ya rubuta "ana roƙon iyaye su daure su taimaka su biya da wuri", ya share maganar dakatarwa gaba ɗaya. Iyaye suka ɗauka babu gaggawa. Ranar da wa'adi ya cika aka mayar da yara gida da hantsi, babu wanda ya san da zancen, faɗan ya fi na farko. Ladabi yana cikin gaisuwa da yadda aka jera magana. Sharaɗin kuwa a bar shi da ƙarfinsa, kada ki ƙara masa, kada ki rage.

Haka ma kuɗin ƙungiyar iyaye. Kalmar da aka yi amfani da ita a Turancin, in kika buɗe ƙamus, zai iya ba ki "haraji". Kada ki kusance ta, haraji na hukuma ne kuma ba wanda ke jin sunansa ya yi murmushi. "Gudummawa" kuma ta yi sanyi da yawa, don gudummawa ganin dama ce, mai hali ya bayar, marar hali a yi masa uzuri. In dole ne, ki ce "kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai" kawai, ki sa shi cikin jimla. Abin da ya rage bayan an biya rabi, ki kira shi "cikon kuɗi". Wanda aka biyo wani tun zangon baya, ki ce "ragowar kuɗin zangon da ya wuce". Kada ki haɗa su a kalma ɗaya, don a baki duk "balas" ake ce musu, a nan ake rikicewa. Ki kuma bar "kashi 50 cikin 100", ki ce rabi, sannan ki faɗi rabin nan nawa ne a naira. Kada ki bar wa uba lissafi.

Wurin rubuta kuɗi ki sa lamba, sannan ki bi ta da kalmomi, saboda mai karanta wa wani da baki. Amma ki san inda kalmomin Hausa ke da santsi. "Dubu talatin da biyu da ɗari biyar" ba ta da matsala. "Dubu ɗari da uku da ɗari biyar" kuwa sai mutum ya tsaya ya sake ji, shi ya sa lambar ba ta barin wurinta. Kada ki rubuta "jaka". A kasuwanninmu dattawa na ce wa naira 200 jaka, a Nijar kuma jaka sefa 1,000 ce, ga shi can da dala suke ƙirga, kowace dala sefa 5. Idan makarantarku na wajen Jibiya ko Mai'aduwa, inda ba a rasa iyaye daga tsallaken iyaka, ki rubuta kalmar "naira" ɓaro-ɓaro a gaban kowane adadi. Ko ba don su ba ma, alamar naira kan rikiɗe ta zama ɗan akwati a wasu injinan buga takarda.

Mu koma kan ranaku, don a nan aikin ya fi yawa. Lambobi uku da karan tsaye a tsakaninsu ba kwanan wata ba ne a wurin mai karatun Hausa. Ki warware su: sunan rana, lamba, sunan wata, shekara. "Litinin, 5 ga Janairu, 2026." Sunan ranar shi ne abin da uwa za ta riƙe, don da shi ake lissafin kasuwa da biki da suna. "A cikin mako biyu da dawowa" kuma ba wa'adi ba ne sai an mayar da shi rana. In an koma 5 ga wata, mako biyun zai iya ƙarewa Juma'a 16, zai iya kaiwa Litinin 19. Wannan ma na cikin tambayoyinki. Kada ki taɓa rubuta "Litinin mai zuwa" ko "makon gobe". Takardar za ta iya kwana goma a jakar yaro, tsakanin littafin lissafi da ɓawon gyaɗa, kafin wani ya gan ta.

Ga wani ƙaramin tarko, "kafin". Turancin ya ce a biya a ranar ko kafin ranar, wato ita ma ranar tana ciki. In kika taƙaita kika ce "kafin Juma'a", kin fitar da Juma'ar, wa'adi ya koma Alhamis. "Zuwa Juma'a" ta fi, amma ita ma wani zai yi gardama. Ni abin da nake rubutawa shi ne "ranar ƙarshe ta biya ita ce Juma'a, 16 ga Janairu". Wannan ba ta da ƙofar baya. Tunda Juma'a ce ma, ki tambayi ƙarfe nawa akawu ke rufe ofis, ki rubuta, don kada wani ya ce sai an sauko masallaci zai zo ya tarar da kwaɗo. Ki kuma guji "daren kaza". A wurinmu dare ke gaba da yini, daren Juma'a shi ne na Alhamis in rana ta faɗi. In akwai abin da zai faru da yamma, ki ce "ranar Lahadi da yamma, ƙarfe huɗu".

Wani zai ba ki shawara ki sa kwanan watan Musulunci kusa da na bature, don tsofaffi sun fi saba da shi. Niyyar mai kyau ce, amma ni ban goyi baya ba a takardar wa'adi. Tsayuwar wata sai an gan shi, Sarkin Musulmi ya sanar, kalandar da aka buga tun bara kan saɓa da kwana ɗaya. Kin ga kin koma gidan jiya, rana biyu a takarda ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne ki kula da kalmar nan da aka maƙala a gefen ranar hutu, 27 ga Maris, wadda ke nufin ranar ba tabbatacciya ba ce. Masu fassara kan tsallake ta don ƙarama ce. Bana kada ki tsallake. Azumi zai kama a cikin Fabrairu, tsakiyar zangon ke nan, kuma kin tuna a 2025 jihohin Katsina da Kano da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu saboda watan azumi. Kalandar karatu a hannun ma'aikatar ilimi ta jiha take, ba a hannun hedimastanku ba. Ki rubuta "ana sa ran", ki ƙara da cewa in an sami canji za a sanar.

A ce hedimasta ya amsa miki cewa Litinin ce, rabin duka ake nufi, kuɗin ƙungiya kuma bisa kan yaro ne. Ga yadda zan shimfiɗa gangar jikin takardar bayan sallama:

"Za a koma makaranta ranar Litinin, 5 ga Janairu, 2026, da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Kuɗin wannan zango, wato zango na biyu kaɗai, ga kowane yaro ɗan aji ɗaya zuwa uku naira 31,500 ne, ɗan aji huɗu zuwa shida kuma naira 36,000. Kuɗin jarrabawa da na ƙungiyar iyaye da malamai duk suna ciki. Ana iya biya sau biyu. Biyan farko shi ne rabi, naira 15,750 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, naira 18,000 ga 'yan aji huɗu zuwa shida, ranar ƙarshe kuma ita ce Juma'a, 16 ga Janairu. Yaron da ba a biya masa rabin ba zai dakata a gida daga Litinin, 19 ga Janairu, har sai an biya. Ranar ƙarshe ta kawo ciko ita ce Juma'a, 13 ga Fabrairu."

Kin ga na juya tsarin. Ta Turancin ta fara da godiya da tarihin nasarorin zangon da ya wuce, sakin layi biyu, kafin ta zo kan kuɗi. Ki taƙaita godiyar a layi ɗaya da izinin hedimasta. Jimla ta zo gaba, rabe-raben kuɗin su biyo daga ƙasa ga mai son gani. Na kuma ce "zango na biyu kaɗai" da gangan, saboda a saman takardar an rubuta shekarar karatu ta 2025/2026, wani zai iya ɗauka kuɗin shekara ne gaba ɗaya.

Abu ɗaya ne ba za ki fassara ba, sunan asusun banki. Ki kwafe shi harafi da harafi yadda yake a Turance, don shi ne zai fito a fuskar waya ko a injin mai POS lokacin tura kuɗi, da shi uba zai tabbatar ba wani wuri kuɗinsa za su ba. Lambar asusun guda goma ce, ki ƙirga su bayan an buga, ki sa wani ya karanta miki kina bi da yatsa. Takardar shaidar biya kuma ki ce "rasit", ko "takardar shaidar biya ta banki". A bakin ma'aikata "tela" ake ce mata, amma in kika rubuta "a zo da tela ranar Litinin" a takardar da ke maganar yunifom daga ƙasa, kada ki yi mamaki in wani ya zo da mai ɗinki.

Wajen bugawa ki tsaya a kan ƙ da ɗ da ɓ. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, za ki iya bugawa a wayarki. Kafin ki kai shagon buga takardu ki mayar da ita PDF, in ba haka ba kwamfutarsu na iya cinye lanƙwasar ko ta zuba akwatuna a wurin haruffan. Ki sa a fitar da kwafi ɗaya tak ki duba kafin a buga sauran.

Wannan kwafi ɗayan kada ki kai wa malamin Turanci. Ki kai wa mai gadi, in yana karatun boko, ko matar da ke sayar da awara a bakin ƙofa. Kada ki tambaye ta ko ta gane, za ta ce ta gane don kunya. Ki ce mata, "Inna, a ce jikanki yana aji biyar, nawa za ki kawo da farko, kuma wace rana ce ta ƙarshe? In ba ki kawo ba me zai faru?" In ta ce dubu goma sha takwas, Juma'a sha shida ga wata, in ba haka ba yaro ya zauna gida sai an biya, to takardar ta yi. In ta tsaya tana juya ta, ki dubi layin da idonta ya maƙale, shi za ki sake.

Akwai kuma gidajen da ajami suke karantawa, da waɗanda ba mai karatu sai yaron. Su ki nemi izini ki karanta takardar da muryarki, yadda take ba ƙari, a tura a zauren WhatsApp na iyaye tare da hotonta mai hatimi. Ke kuma ki ajiye kwafi biyu a jakarki, na Turanci da na Hausa, da 'yar takardar tambayoyin nan da amsoshin hedimasta a jikinta, har zangon ya ƙare.